Me Ke Hana Mutum Aikata Laifi? Tambayoyi Kan Ra'ayin Hirschi

Ana cewa iyali da makaranta da aiki na tsare mutum daga aikata laifi. Wane ne ya kawo wannan ra'ayi?

Sunan da aka fi ambata shi ne Travis Hirschi, masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, wanda ya fitar da littafinsa a 1969. Masana kafinsa sun fi tambayar abin da ke tura mutum ga laifi. Shi kuwa ya ce son a samu abu cikin sauƙi yana zuciyar kowa, don haka abin bincike shi ne abin da ke hana yawancin mutane. Amsarsa ita ce ɗaurin da ke tsakanin mutum da jama'arsa, kuma ya kasa shi huɗu: shaƙuwa da mutanen da yake jin nauyinsu, abin da ya tara wanda yake tsoron rasawa kamar karatu ko mutunci, shagaltuwa da ayyukan ƙwarai, sai yarda cewa doka ta cancanci a bi ta.

Ya gwada kuwa, ko magana ce kawai?

Ya gwada a kan ɗaliban sakandare kimanin 4,000 a yankin Richmond na jihar Kalifoniya. Yaran da kansu suka faɗi laifuffukan da suka taɓa yi, aka kuma duba bayanan makaranta da na 'yan sanda. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka tambaye su shi ne ko mahaifiya ta san inda suke da wanda suke tare da shi idan sun fita. Waɗanda suka ce ta sani sun fi ƙarancin laifi. A fahimtar Hirschi, ba sai uwa tana tsaye a wurin ba. Ya isa yaro ya tuna ta a lokacin da dama ta samu, ya ce a ransa, me za ta ce idan ta ji?

Shagaltuwa ce ta ba shi kunya. Wasanni da sauran abubuwan cike lokaci ba su nuna wani tasiri mai ƙarfi ba. Dalilin a fili yake: sata ba ta buƙatar yini guda, 'yan mintoci sun ishe ta.

To wanda ya riga ya lalace tun yana yaro fa?

A nan ne binciken da aka yi a birnin Boston na Amurka ya fi ba da haske. Sheldon da Eleanor Glueck sun tattara bayanan yara maza 500 da aka tsare a gidajen gyaran hali, da wasu 500 marasa tarihin laifi, suka wallafa sakamakon a 1950. Shekaru da yawa bayan haka Robert Sampson da John Laub suka sake nazarin takardun, suka fitar da littafi a 1993. Daga baya suka bi sawun waɗanda aka taɓa tsarewa har suka kai shekara 70, suka zauna da 52 daga cikinsu.

Yara biyu na iya tashi da tarihi iri ɗaya, ɗaya ya daina, ɗaya ya zarce. Abin da ya fi raba su shi ne aure mai daɗin zama da aiki mai ɗorewa, wasu kuma aikin soja. Ɗaurin auren kaɗai bai wadatar ba, sai da shaƙuwa, kuma tasirin a hankali yake taruwa. Matar ta san lokacin da mijinta ke dawowa, ta san inda albashi ya tafi. Daren da a da yake ƙarewa a mashaya da tsofaffin abokai yanzu a gida yake ƙarewa. Maigidansa a wurin aiki ya amince masa, shi kuma ba ya son ya zubar da amanar. Wani masani, Mark Warr, ya nuna a 1998 cewa babban ɓangare na tasirin aure yana zuwa ne ta hanyar raba mutum da abokan banza.

Ke nan a sama wa kowane matashi aiki, magana ta ƙare?

Ina! Christopher Uggen ya duba wani shiri na Amurka da aka raba wa masu tarihin laifi aiki ta hanyar ƙuri'a. A sakamakon da ya fitar a 2000, aikin ya rage komawa laifi ga masu shekara 27 zuwa sama, amma bai yi wa na ƙasa da haka wani amfani a zo a gani ba.

Ina raunin ra'ayin yake?

Na farko, wanne ya haifi wanne? Mai yiwuwa wanda ya riga ya natsu ne yake samun mata ta gari da aiki. Hirschi kansa ya karkata nan a 1990, inda shi da Michael Gottfredson suka ce kamun kai da aka koya tun ƙuruciya shi ne tushe. A ganina binciken Boston ya fi gamsarwa, domin ya kwatanta mutum ɗaya a shekarun da yake da aure da waɗanda ba shi da shi. Sai dai duka mazaje ne, fararen fata, haihuwar 1920 da wani abu zuwa farkon shekarun 1930, don haka ba a ɗora sakamakon a kan kowace al'umma kai tsaye. Ra'ayin kuma bai iya bayanin babban ma'aikaci mai mata da 'ya'ya da muƙami da ke wawure dukiyar ofis ba.