Lanƙwasa ƙarfen filat-ba a sanye dan adon get: tambayoyi da amsoshi

Oga barka da aiki. Na haɗa jig, wato abin naɗa ƙarfen ado, daidai da zanen da na yi a ƙasa, amma duk ƙarfen da na naɗa ina sakinsa sai ya fi zanen girma. Ina na yi kuskure?

Yauwa ƙanena, hannunka bai yi kuskure ba, jig ɗin ne ka yi shi daidai da zane alhali kamata ya yi ya fi zanen matsewa. Shi ƙarfe in ka lanƙwasa shi babu wuta, bayansa miƙewa yake, cikinsa kuma ya matse, waɗannan sun karɓi sabon fasali sun zauna, amma can tsakiyar kaurinsa akwai sashen da bai ji jiki ba, yana nan kamar sifirin, kana saki sai ya ja sauran ya ɗan koma baya. Babu yadda za ka hana wannan, sai dai ka san nawa zai dawo ka zarce masa tun farko.

Abin da yara da yawa ba sa ganewa shi ne babban kwana ya fi ƙaramin kwana buɗewa, kuma siririn ƙarfe ya fi mai kauri buɗewa. Ɗauki filat-ba mai faɗin mili 20 kauri mili 3. In ka naɗa shi a bututu mai faɗin mili 100 zai saki ya tsaya wajen 106 ko 107, ba wani abu ba. Amma ka naɗa wannan ƙarfen a zagaye mai mili 300 ka gani, sai ya tafi kusan 370. Shi ya sa adon katantanwa kullum cibiyarsa ke fitowa daidai, zagayen waje ne ke baje maka kamar faifai. Toh in za ka gyara jig ɗinka kar ma ka taɓa tsakiyar, zagayen ƙarshe za ka matse, ka naɗa guda ɗaya na gwaji ka ɗora a kan zanen, ka ƙara matsewa, har sai wanda ya fito ya hau layin alli. Ƙarfen da ya fito shi ake aunawa, shi jig ko ya yi muni babu ruwan kowa.

Sannan in ka sayo sabon ƙarfe daga wani shago ka sake gwaji, dan ba duka ne taurinsu ɗaya ba, mai tauri ya fi buɗewa.

Zobba nake so in jera tsakanin sandunan get, tazarar mili 100 ce. Tsawon nawa zan yanka, kuma a kan me zan naɗa?

Bari mu yi lissafin tare da wancan 20 da 3 ɗin. Bayan zoben dole ya zama 100 tunda shi zai taɓa sanduna biyu. Cire kauri ta gefe biyu, ciki ya zama 94. Amma tsawon ba da ciki ake lissafa shi ba kuma ba da waje ba, da tsakiyar kauri ake yi, dan nan ne wurin da bai miƙe ba bai matse ba, wato 97. Sai ka ninka 97 da 3.14, ya ba ka kusan mili 305. In ka yi da 100 za ka yanka 314 bakin ya hau kan juna, in ka yi da 94 kuma 295 ne, ka bar giɓin da za ka cike da walda ya yi ƙulu.

Abin naɗin kuwa ba bututu mai 94 za ka nema ba, saboda buɗewar da muka faɗa. Bututun da ake kira inci 3, in ka auna bayansa kusan mili 89 ne, kuma in ƙarfen mai laushi ne yana sauka daga kansa ya tsaya dab da abin da kake so, ko ya wuce da mili ɗaya, wanda ɗan matsi a bais zai gyara. Ni dai shi nake amfani da shi.

Amma kar ka yanka 305 tukuna sannan ka ce za ka naɗa, wutsiyar ƙarshe ba za ta ba ka wurin riƙo ba, bakin biyu za su fito a miƙe zoben ya yi kama da ƙwai. Ka kama dogon ƙarfen ka yi ta zagaya bututun kamar gammo, zagaye biyar ko shida, ka sake shi ya gama buɗewarsa, sannan ka ja layi ɗaya ka yanka su da garanda. Kowane zobe zai fito baki ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka sa a bais ka karkato shi su haɗu, ka ɗiga walda. A tsayi ɗaya mai mita 6 lissafi zai ba ka 19, amma ka sa ran 18 saboda farko da ƙarshe asara ne, kuma ka sa tef ka auna tsayin tun a shago, ba kullum yake cika ba.

Na katantanwa fa, ya ake sanin tsawonsa?

Wannan bar lissafi. Ɗauki waya mai laushi ka bi zanen da ita tun daga cibiya, ka miƙe ta ka auna. Ko kuma wanda ya fi, ka yi alama a ƙarfen gwaji kafin ka naɗa, in ya fito daidai ka yanka sauran duka a kan wannan tsawon.

Nawa yana fitowa da gwiwa-gwiwa, wani wuri a miƙe wani wuri a karye, ba sumul kamar na manyan shaguna ba.

Abu biyu ne ke kawo wannan, na farko bakin farawa. Santimita biyu ko uku na farko da ke shiga ramin jig ba sa lanƙwasuwa ko kaɗan, tunda su ne aka riƙe. Dan haka kafin ka je kan jig ka fara da su, ka feƙe bakin da garanda ya ɗan yi siriri, ka kama shi a bais tare da guntun rodi, ka buga da guduma ya yi ɗan ƙugiya. Wannan ƙugiyar ita za ta kama kan jig. Wanda bai yi haka ba ko daga nesa za ka gane getinsa, kowane ado da ɗan miƙaƙƙen harshe a tsakiya. Masu kyau sosai ɗin nan da bakinsu ya naɗe kamar ganye, gaskiya wuta aka sa wa bakin aka buga, a sanye ba ya fitowa haka.

Na biyu riƙo. In ka kama ƙarfen can ƙarshensa kana ja, ba a jikin jig zai lanƙwasa ba, duk inda ya ga dama zai yi ciki a iska, in ya zo ya kwanta kuma sai ya bar gwiwa. Ƙarfin ja ya kasance kusa da inda ƙarfen ke taɓa jig, kamar faɗin tafin hannu. Ka haɗa ɗan makami, guntayen rodi biyu a walde a bakin sanda da tazarar da ƙarfen zai shiga, kana ja kana matsar da shi gaba kaɗan kaɗan, kuma bayan kowane rabin zagaye ka danne abin da ya riga ya kwanta da filaya mai kulle dan kar ya ɗaga. Ja ɗaya a hankali ya fi fizga goma. Ka kuma lura gefen ƙarfen na ƙasa yana goga farantin jig koyaushe, yana ɗagowa sai ya murɗe, ka ajiye a ƙasa ka ga yana rawa.

In kuma shi kansa jig ɗin ne ke da gwiwa, toh duk waɗanda ka naɗa a kansa za su gaje ta. Ka yi shi da ƙarfen da ya fi wanda za ka naɗa kauri, ka walda shi ta ciki a kan faranti, bayan da ƙarfe zai kwanta ya zama babu ɗigon walda.

Ba sai ka yi jig na dama da na hagu ba, kifa adon kawai za ka yi ya zama ɗan uwansa.

Har kauri nawa hannu zai iya ba tare da wuta ba?

Faɗi ba shi ne matsala ba, in faɗi ya ninka ƙarfin da za ka sa ninkawa ɗaya zai yi. Kauri ne mugun, in ya ninka ƙarfin sau huɗu yake zama. Da sanda mai rabin mita, 20 da 3 kamar ɗaga kilo 2 ko 3 ne, yaro ma zai yi. 25 da 6 ya kai kilo 11 zuwa sama, ana yi amma benci ya kasance a kafe. 25 da 10 kuwa ya haura kilo 30, a nan ko dai ka ƙara tsawon sanda da bututu ko ka nemi wuta, dan yawanci waldar jig ɗin ce ke fara ballewa. Duk wannan ta kwance nake magana. Lanƙwasa filat-ba ta gefensa, a sanye da hannu, ɓata ƙarfe ne kawai, tattarewa zai yi.

Jiya guda uku suka tsage min a cibiya. Ƙarfen ne ko ni ne?

Duba inda ya tsage. In a bayan kwana ne daidai wurin da ya fi matsewa, ka matse shi fiye da kima, bayan ya miƙe har ya gaji. Rodin da kake naɗa cibiya a kansa faɗinsa ya kai kaurin ƙarfen sau uku ko huɗu, wato mai kauri 6 yana son rodi mai 20 zuwa 25, ba 12 ba. In kuma wurin da ka lanƙwasa ne ka miƙe ka sake lanƙwasawa, wannan kai ne, duk juyi ɗaya ƙara masa tauri yake har ya karye. Haka in akwai zanen garanda ko sarar kurfi a bayan, daga nan tsagar ke farawa.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ƙarfen ne. Akwai wanda ake narkawa daga tarkace, tsayi ɗaya ma wani wuri laushi wani wuri tauri. Na taɓa sayen dami guda haka, rabin yini muna zargin jig ashe ba shi ba ne. Yanzu kafin in yanka komai sai na cire guntu na kama a bais na kwantar da shi da guduma a kan rodi, mai kyau zai kwanta shiru bayansa sumul, marar kyau za ka ji yana turjiya yana dawo maka da guduma, ka ga ƙananan tsaga kamar faso. A garanda ma tartsatsinsa ya fi yawan fashewa kamar taurari. Irin wannan ka ajiye shi dan aikin miƙe. Kuma shi ne ya fi dukan mutum, dan haka in ka zo sakin wutsiya kar ka tsaya ta inda za ta dawo, ka sassauta a hankali hannunka na kai har ta tsaya.