Darasin tarihin Annabawa ga matasa: tsarin mako-mako da ƙissar Annabi Yusuf

"Malam, an ba ni ajin ƴan shekara 13 zuwa 17 a wata Islamiyya a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Asabar kawai nake da su, awa ɗaya da rabi, saboda lakwal. Annabi guda zan riƙa yi kowane mako?"

A'a, Malama, kada ki yi haka. Annabawa 25 aka ambata da suna a Alƙur'ani, amma labarinsu bai zo da tsawo ɗaya ba. Na Annabi Idrisu ayoyi ne kaɗan, na Annabi Musa kuwa ya bazu cikin surori masu yawa. Idan kika ba kowa Asabar guda, yara za su haddace sunaye su rasa labari.

Ki fara da Annabi Yusuf (AS), domin ƙissarsa tana wuri ɗaya, sura ta 12, mai ayoyi 111, kuma yaro zai iya bin ta da yatsa. Mako biyar take ci. Na farko aya ta 4 zuwa 21, daga mafarki zuwa rijiya har sayarwa a Masar. Na biyu 22 zuwa 42, gidan Azizu da kurkuku. Na uku 43 zuwa 57, mafarkin sarki. Sauran biyun ki raba su a aya ta 87, ki tsaya a ta 101.

"Yaya zan raba minti 90 ɗin?"

Bari mu ɗauki mako na uku. Minti 10 na farko na bitar makon jiya ne, da baki, kaye a rufe. Sai minti 20 na karatu: yaro ya karanta aya biyu ko uku, ki fassara, wani ya karɓa. Bayaninki kada ya wuce minti 15. A nan ne yawancinmu muke ɓata darasi, mu miƙe da wa'azi har lokaci ya ƙare.

A wannan makon ki zo da zangarniyar gero guda, da hatsi sussukakke cikin ƙwarya, ki ajiye su gabansu. Ki tambayi wanda kakansa ke da rumbu a ƙauye wanne ya fi daɗewa bai yi ƙwari ba. Zai gaya miki damin da ba a sussuka ba. Sai ki karanta aya ta 47, inda Annabi Yusuf ya ce a yi noma shekara 7 a jere, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa, sai ɗan wanda za a ci. Ɗan Maraɗi ba ya buƙatar dogon tafsiri a wannan aya. Ki dai gaya musu Alƙur'ani bai faɗi irin hatsin ba, kada su tafi gida suna cewa gero ne aka noma a Masar.

Saura minti 45: 25 na wasan kwaikwayo, 15 na tambayoyi, 5 na aikin gida.

"Wasan ne ke ba ni tsoro. Wa zai fito a matsayin Annabi?"

Babu kowa, kuma wannan ba abin sassauci ba ne. Ba a kwaikwayon Annabi, ba a kwaikwayon mala'ika. Kada ma a sa yaro bayan labule yana magana da muryar Annabi, domin shi ma fitowa ce a matsayinsa. Ki faɗa wa shugaban makaranta da iyaye wannan ƙa'ida tun kafin Asabar ta farko, don kada labari ya isa gida a karkace.

Abin yi shi ne ki zaɓi wurin da Annabin ba ya nan. Fadar sarki a aya ta 43 zuwa 45 ta dace sosai. Yaro ɗaya sarki ne, biyar fadawa, ɗaya mai shayar da sarki wanda ya taɓa zama a kurkuku, ɗaya kuma mai karatu, yana zaune gefe da Alƙur'ani. Sarki ya faɗi mafarkinsa da Hausarsa: shanu 7 masu ƙiba, ramammu 7 suna cinye su, zangarniya 7 koraye da wasu busassu. Fadawa su kalli juna, su ce ruɗaɗɗun mafarkai ne, su ba su san fassararsu ba. Mai shayarwa ya tuna, ya ce a aike shi, ya fita daga aji.

Nan wasa ya tsaya. Kowa ya zauna, mai karatu ya karanta aya ta 46 zuwa 49, ke ki fassara da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji. Sannan mai shayarwa ya dawo ya kai wa sarki saƙo da bakinsa, ba tare da takarda ba. Wannan dawowar ita ce gwajin darasin gaba ɗaya. Idan ya kawo shekara 7 na noma, 7 na tsanani, da shekarar da za a sami ruwa har a yi tatsa, ya fahimta. Idan ya manta da ta ƙarshen, fadawa su tuna masa.

Mako na biyu kuwa ban yarda a yi masa wasa ba sam. Al'amarin matar Azizu karatu da bayani ya ishe shi, musamman a wannan shekaru. Haka ƴan'uwan Yusuf, na fi son a bar su: malamai sun yi saɓani kan ko Annabawa ne, kuma yaron da ya fito a mugu sunan yakan bi shi har unguwa. A makon farko ƴan ayarin da suka tsaya a rijiya sun isa wasa, suna ba da labari bayan sun sayar.

"Ta yaya zan gane wasan ya lalace?"

Ki saurari abin da suke maimaitawa a bakin ƙofa wajen ɗaukar takalma. Idan tafiyar sarki da rawaninsa suke kwaikwaya, ba wanda ya ambaci shanu, mai barkwancin aji ya ƙwace darasi. Mako mai zuwa ki ba shi aikin mai karatu. In ajin haɗe yake, ƴan mata su yi nasu daban.

"Wane irin tambayoyin bita zan yi?"

Biyar sun isa, kuma kowace amsa yaro ya nuna ayarta. Biyu na tunawa: shanu nawa, wa ya tuna da Yusuf a fada. Ɗaya ta kama kuskuren da aka saba: "Mene ne sunan sarautar mai mulkin Masar a wannan sura?" Da yawa za su ce Fir'auna, alhali surar "sarki" ta ce, Fir'auna yana ƙissar Annabi Musa. Wasu kuma suna haɗa sarki da Azizu su mai da su mutum ɗaya.

Biyu na ƙarshe na tunani ne. Me ya sa Annabi Yusuf bai fito nan take ba da manzon sarki ya zo masa a aya ta 50? Waɗanne siffofi biyu ya ambata a aya ta 55 da ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, kuma me zai faru da rumbun gari idan mai tsaronsa yana da ɗaya ya rasa ɗaya?

Wani zai kawo miki sunan matar Azizu ko adadin kuɗin da aka sayar da Yusuf. Kada ki tsawata masa, ki ce ya nemo a surar. Ba zai sami sunan ba, kuɗin kuma aya ta 20 cewa ta yi dirhami ƴan ƙidayayyu. Aikin gida na mako na huɗu shi ne su nemo wurare uku da aka ambaci riga a surar, su rubuto lambar ayoyin, da su za ki buɗe mako na biyar.