Ƙiyasta darajar kwastoma daga kuɗin wata da kason ficewa

Darajar kwastoma ta tsawon zamansa, wadda ake gani a allon lissafin kamfanoni da sunan LTV ko CLV, ita ce jimillar ribar da ake sa ran kwastoma guda zai kawo tun daga ranar da ya fara biya har ranar da ya daina. An fi amfani da ita a harkokin da ake biya wata-wata, kamar manhajojin da ake sabunta rajistarsu, ko layin intanet, ko inshora, kuma amfaninta ɗaya ne babba, wato sanin iya abin da za a iya kashewa a talla don jawo mutum guda ba tare da an faɗi ba.

Hanya mafi sauƙi tana buƙatar lambobi biyu kacal. Na farko matsakaicin abin da kwastoma ke biya a wata, shi ne ARPU a allo, ana samunsa ta raba kuɗin da ya shigo a watan da yawan masu biya. Na biyu kason ficewa, wanda ake rubutawa churn, wato cikin waɗanda ke nan a farkon wata kashi nawa suka tafi kafin watan ya ƙare.

```
LTV = ARPU / churn
LTV = ARPU * margin / churn
```

Layin farko shi ne wanda kowa ya haddace, na biyun shi ne mai amfani, domin ya sa kason riba, wato margin, a ciki.

Inda rabawar ta fito

Mutane da yawa na raba kuɗi da kason ficewa ba su san dalili ba, kuma rashin sanin nan shi ne tushen kurakurai da yawa. A ɗauka kamfani na da kwastomomi 1000 a farkon wata, 50 suka tafi, kason ficewa ya zama kashi 5 cikin ɗari, wato 0.05. Idan haka zai ci gaba, wata na farko duka 1000 sun biya, na biyu 950, na uku wajen 902, haka za a yi ta raguwa, kuma in aka tara duk waɗannan biyan har sai babu kowa za a sami biya 20,000, wato 20 ga kowane mutum. Ɗaya a raba da 0.05 shi ma 20 ne. To wannan ita ce dabarar baki ɗaya: ɗaya bisa kason ficewa shi ne matsakaicin watannin da mutum zai zauna.

Amma fa wata 20 ɗin nan matsakaici ne, ba wai yawancin mutane za su kai wata 20 ba ne. A kan kashi 5, rabin mutanen sun riga sun tafi kafin a cika wata 14, wasu 'yan kaɗan masu daɗewa shekara biyar ko shida su ne ke jan matsakaicin sama. Kuma lissafin ya tsaya ne a kan zato guda biyu da ba a cika faɗinsu ba, cewa kowa yiwuwar tafiyarsa ɗaya ce da ta kowa, kuma ba ta canzawa ko yau ya shigo ko ya shekara uku.

Kuɗin shiga ba riba ba ne

A ce kowane kwastoma na biyan dala 20 a wata. Lissafin gaggawa zai ce 20 sau wata 20, dala 400. Sai dai cikin dala 20 ɗin nan akwai kuɗin da hidimar kwastoman ke ci kowane wata, kuɗin saba, wato kwamfutocin da ke ɗauke da manhajar, da albashin masu amsa kira, da kamishon kamfanin da ke karɓar kuɗi ta kati, da abin da ake mayar wa masu ƙorafi. In waɗannan sun ci dala 6, saura 14, kason riba kashi 70 ke nan, darajar ta sauko 280. Wanda ya riƙe 400 a ransa zai iya kashe 300 a talla kan kowane sabon mutum yana ganin yana cin riba, alhali asarar dala 20 yake yi a kan kowanne, kuma duk yadda kamfanin ya ƙara girma haka ramin ke ƙara zurfi.

Akwai kuma maganar yaushe kuɗin tallan zai dawo. In an kashe 150 don jawo mutum guda, aka raba da 14, sai a ce wata 11 ya isa. Bai isa ba, saboda a cikin watannin nan mutane na zubewa, waɗanda suka rage su ne ke biyan na waɗanda suka tafi, in aka bi lissafin wata bayan wata sai kusan wata 15 ake maida uwar kuɗi.

Kurakurai wurin auna kason ficewa

Lambar da ke ƙasan rabawa ita ce mai haɗari, ɗan kuskure a cikinta yana zama babba a amsa. Wanda aka fi yi shi ne haɗa sababbin shiga cikin abin da ake rabawa da shi. An fara wata da 1000, an sami sababbi 300, tsofaffi 50 sun tafi, sai a raba 50 da 1300 a sami kashi 3.8, zama ya koma wata 26, daraja ta hau 364 maimakon 280. Sababbin nan kuwa ko damar tafiya ba su samu ba tukuna, watansu na farko bai ƙare ba. Alamar wannan kuskuren a fili take, duk watan da aka zuba talla sosai sai kason ficewa ya yi kyau, da an tsayar da tallan sai ya dawo inda yake.

Sai cakuɗa wata da shekara. Kashi 5 a wata ba kashi 60 ba ne a shekara, kashi 46 ne, tunda kowane wata daga abin da ya rage ake cirewa.

```
churn_shekara = 1 - (1 - churn_wata)^12
```

Haka nan masu rajistar shekara guda da suka biya a dunƙule, ba su da hanyar fita sai lokacin sabuntawa, in aka zuba su kwando ɗaya da masu biyan wata-wata za su danne kason ya yi ƙasa har wata goma sha ɗaya, ranar sabuntawa kuma abin ya fashe lokaci guda. Kowane rukuni a lissafa shi daban. Kuma wanda katinsa ya daina aiki bai yi niyyar tafiya ba, da yawansu na dawowa bayan kwana biyu uku, don haka sai kamfani ya tsayar da ƙa'ida ɗaya, misali kwana 30 babu biya, ya kuma tsaya a kanta.

Kwastomomi ba iri ɗaya ba ne

Wannan shi ne kuskure mafi zurfi, kuma ko wanda ya kiyaye duk na baya yana faɗawa ciki. A ɗauki sababbin shiga 1000, rabinsu masu leƙowa ne kawai da ke fita kashi 20 a wata, rabi kuma sun sami abin da suke so, kashi 2 kawai ke fita. A wata na farko 100 sun tafi daga rukunin farko, 10 daga na biyu, jimla 110, kashi 11. Mai lissafi ya raba ya sami zaman wata 9, daraja wajen dala 127, sai ya ce a rage talla harkar ba ta biya.

Bayan shekara biyu masu leƙowan nan ba su wuce mutum biyu ko uku ba, masu zama kuwa sun kai 308, kason ficewar rukunin ya sauko kusan kashi 2.1. Wani ya zo ya auna a lokacin, ya sami wata 47, daraja ta haura 650, ya ce a ninka talla. Dukansu biyun sun yi kuskure. Ainihin matsakaicin sabon shiga shi ne tsakiyar wata 5 na masu leƙowa da wata 50 na masu zama, wato 27.5, daraja dala 385. Abin lura a nan shi ne babu ko mutum ɗaya da halinsa ya canza, ba wanda ya ƙara son kamfanin, masu saurin tafiya ne suka ƙare aka bar masu zama, sai ya yi kama da ana samun ci gaba. Masana harkar kasuwanci Peter Fader da Bruce Hardie sun yi bayanin wannan a 2007, suka kuma kawo tsarin lissafi da ke ba kowane kwastoma nasa yiwuwar ficewa maimakon lamba ɗaya ga kowa.

Ba sai an kai ga wancan tsarin ba kafin a gane ko matsalar na nan. A ware waɗanda suka shigo wata ɗaya, a bi su a tebur, nawa suka rage bayan wata ɗaya, bayan uku, bayan shida, bayan sha biyu. In kason da ke fita kowane wata kusan ɗaya ne, rabawa mai sauƙi za ta yi aiki. In ya faro da yawa sannan ya yi ta sauka, kuma haka aka fi gani, to sai a tara ribar watannin farko kai tsaye daga teburin, a bar rabawa ga waɗanda suka rage bayan kason ya daidaita.

Irin wannan ruɗin yana shafar kuɗin wata ma. In masu biyan ƙaramin kuɗi su ne ke saurin tafiya, manya kuma na zama, matsakaicin biya a raba da matsakaicin ficewa ba zai ba da darajar kowa a cikinsu ba.

Idan kason ya yi ƙanƙanta

Ƙaramin kason ficewa abin farin ciki ne, amma a nan lissafin ya fi rauni. Kamfani mai kwastomomi 100, mutum biyu suka tafi, zama wata 50. Wata mai zuwa mutum ɗaya ya tafi, zama ya koma wata 100, daraja ta ninka saboda mutum guda tak. Shi ya sa ba a ɗaukar wata ɗaya, a haɗa shida ko sha biyu. Kuma wata 100 ya haura shekara takwas, kamfanin da bai cika shekara biyu ba ba shi da wata shaida a kan abin da zai faru a shekara ta takwas, farashi zai canza, abokan gogayya za su shigo.

Hanya biyu ake bi a rage wannan. Ɗaya ita ce a yanke lissafin a wata 36 ko 60, abin da ya wuce nan a bar shi. A kan kashi 1 da ribar dala 14, rabawa zalla na ba da 1400, in aka tsaya a wata 36 kuwa wajen 425 ne, wanda ke nuna kusan kashi 70 na waccan lambar kuɗi ne da ba za a gani ba sai bayan shekara uku. Ɗayar ita ce a rage darajar kuɗin gaba, tunda dalar da za ta zo nan da shekara biyar ba ta kai ta hannu ba.

```
LTV = m * (1 + d) / (churn + d)
```

A nan m ita ce ribar wata, d kuma kason ragin a kowane wata, ga kuɗin da ake biya a farkon wata. In d kashi 1 ne, 280 ɗin farko ta koma 236, ragin bai yi yawa ba saboda yawancin kuɗin da wuri yake shigowa, amma 1400 ɗin nan tana faɗowa zuwa 707, kusan rabi.