Gwajin kamance kafin miƙa kundin bincike a rumbun da ke adana duk abin da aka ɗora

Gwajin kamance shi ne a ɗora rubutu a kan manhajar da za ta gwada shi da sauran rubuce-rubucen da take da su, ta nuna wuraren da kalmomi suka zo iri ɗaya, sannan ta fitar da adadinsu cikin ɗari. Jami'o'i da yawa ba sa barin ɗalibin digiri na biyu ko na digirgir ya kare kundinsa sai ya kawo wannan rahoto. Manhajar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce Turnitin, kuma a kanta bayanin nan zai tsaya, domin a wurinta ne ɗalibai suka fi faɗawa wata matsala guda: mutum ya gwada kundinsa don ya ga matsayinsa, manhajar ta adana kwafin, ranar gwaji na gaskiya kuma kundin ya fito yana kama da kansa.

Yadda rumbun yake aiki

Turnitin tana gwada rubutu da abubuwa uku: shafukan intanet, mujallu da littattafan ilimi da aka wallafa, da kuma rumbun ayyukan ɗalibai da aka taɓa ɗorawa. Na ukun nan shi ne tushen maganar. Ɗalibi ba shi da ikon zaɓar ko aikinsa zai shiga rumbun ko ba zai shiga ba. Malamin da ya buɗe gurbin ɗora aikin ne yake zaɓa tun farko, a saitin da ake kira `Submit papers to`. Idan ya zaɓi `Standard paper repository`, aikin ya shiga babban rumbu da ake gwada ayyukan sauran makarantu da shi. Idan makarantar tana da nata rumbun, akwai `Institution paper repository`. Zaɓi na uku shi ne `No repository`, wanda a wasu fuskokin manhajar ake rubuta shi `Do not store the submitted papers`, kuma shi kaɗai ne ke ba da rahoto ba tare da an adana komai ba. Mai kula da asusun makarantar gaba ɗaya yana iya kulle wannan zaɓi, ta yadda ko malami ba zai iya sauya shi ba. A irin wannan makaranta ce ake cewa rumbu yana adana duk abin da aka ɗora.

Manhajar ba ta san wanda ya rubuta jimla ba, kalmomi kawai take gwadawa. Idan ta tarar da sakin layi ɗaya a fayil biyu da suka shigo ta ƙofa daban-daban, za ta haska shi, ko da hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Misali

A ɗauki ɗalibar digiri na biyu da ta gama babi uku na farkon kundinta, kalmomi 18,000. Hankalinta bai kwanta da babi na biyu ba, wato bitar ayyukan da suka gabata, sai ta je shagon intanet da ke bakin ƙofar makaranta ta biya kuɗi aka gwada mata. Mai shagon yana aiki da asusun wani malami na wata makaranta daban, gurbin kuma an saita shi a kan babban rumbu. Rahoto ya fito da kashi 14 cikin 100, ta yi 'yan gyare-gyare, ta ci gaba da aiki. Bayan wata shida ta kammala babi na huɗu da na biyar, kundin ya kai kalmomi 30,000, sashenta ya ɗora shi a asusun jami'a. Kalmomi 18,000 cikin 30,000 kashi 60 ne, don haka rahoton ya fito kusa da 60, da launin ruwan lemo. A tsarin launukan da Turnitin ta daɗe tana amfani da shi, shuɗi na nufin babu kamance, kore ya kai har 24, rawaya daga 25 zuwa 49, ruwan lemo daga 50 zuwa 74, ja kuma daga 75 zuwa sama.

Mai ido zai gane abin da ya faru daga siffar rahoton. Kamancen gaske yakan zo a warwatse, kashi 2 daga wannan mujalla, kashi 1 daga wancan shafi. Kamancen mutum da kansa kuwa tushe ɗaya ne tal yake cinye kusan duka adadin, an rubuta masa `Submitted to` da sunan wata makaranta, a ƙarƙashinsa `Student Paper`, kuma haskawar tana tafiya shafi bayan shafi ba yankewa, har da godiya da sadaukarwa idan suna cikin fayil ɗin farko. Sai dai gane hakan bai wanke ɗalibar ba. Kwafin yana asusun wata makaranta, watakila da sunan da mai shago ya ga damar rubutawa, kwanan watansa kuma ya riga nata. A takarda, ita ce ta zo daga baya. Sashenta ba shi da ikon goge shi, mai shagon ma ba shi da shi.

Wannan ne ya sa gwajin shago, da ba aboki fayil ya ɗora a asusunsa, da shafukan intanet masu tallar gwaji kyauta suka fi komai haɗari a wannan sha'ani. Abin takaici shi ne yawanci ɗalibai masu tsoron aikata kuskure ne ke faɗawa ciki.

Abin da ya kamata a tambaya kafin a ɗora

Tambaya ta farko ga mai duba aikin ɗalibi ko ma'aikacin ɗakin karatu ita ce wane rumbu aka zaɓa wa gurbin. Ɗalibi ba koyaushe yake ganin wannan saiti a nasa allon ba, don haka sai ya tambaya, kuma gara a ba shi amsa a rubuce. Wasu makarantu suna da gurbi na musamman don gwajin daftari wanda ba ya adanawa. Wasu suna ba ɗaliban gaba da digiri na farko damar amfani da iThenticate, na kamfani ɗaya da Turnitin, wanda masu wallafa mujallu suka fi amfani da shi. Wasu kuma sun kunna Draft Coach, wanda ke aiki a cikin Google Docs da Word na intanet, yana ba da gwaji uku ga kowace takarda kuma ba ya tura ta rumbu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan yana nan, magana ta ƙare, a yi gwajin a can.

Idan babu, tambaya ta biyu ita ce ko gurbin yana yarda a sake ɗorawa. Wannan ya danganta da saitin lokacin fitar da rahoto. In an zaɓi wanda ke barin ɗalibi ya sake ɗorawa har zuwa ranar rufewa, sabon fayil yana maye gurbin tsohon, kuma ba a gwada shi da wanda ya maye. Sake ɗorawa uku na farko suna fitar da rahoto nan take, bayansu kuma sai an jira awa 24 kowane karo. In kuwa an zaɓi `first report is final`, ɗorawa ɗaya ce kawai, babu ta biyu sai malami ya sa hannu.

Daga nan dokar aikin ta fito: asusu ɗaya, na ɗalibin kansa, gurbi ɗaya, daga daftarin farko har na ƙarshe. Kariyar da ake samu ta maye gurbi ba ta bin fayil zuwa wani asusu ko wani aji. Saboda haka ɗora babi-babi a gurabe na asusu ko azuzuwa mabambanta kuskure ne, kowane babi zai zauna a rumbu yana jiran cikakken kundin.

Shirya fayil ɗin

Tunda ɗorawar farko na iya zama ta dindindin, yawancin aikin gyara a yi shi da hannu kafin a taɓa manhajar. A bi babi na biyu sakin layi bayan sakin layi, littafi ko maƙalar da aka ɗauko bayani a buɗe a gefe. Duk jimlar da aka kwafo yadda take a sa ta cikin alamar zance, da sunan marubuci da shekara da shafi. Wadda aka juya da kalmomin kai a duba ko da gaske an sake gina ta, domin sauya kalma biyu ko uku a bar ƙashin jimlar ba ya hana manhajar kamawa, ba ya kuma fitar da mutum daga laifin satar fasaha. Jimlar da ake shakka a kanta ana iya sa guntunta cikin alamar zance a injin bincike a ga ko za ta fito, wannan ba ya adana kundin kowa.

Jerin manazarta a ba shi take bayyananne, kamar `References` ko `Bibliography` a kundin Turanci, domin da taken ne matatar `Exclude bibliography` ke gane inda jerin ya fara. Haka `Exclude quotes` ta dogara da alamomin zance. Matatun nan biyu kaɗai sukan sauke adadi sosai, amma makaranta ce ke faɗin ko ta yarda da su, kamar yadda ita ce ke yanka iyakar kashin da za ta karɓa. Turnitin ba ta kafa wata iyaka ba. Fayil ɗin ya kasance rubutu ne da ake iya kwafa, ba hoton shafuka ba, kada ya wuce megabait 100 ko shafi 800. Dabarun ɓoye farin rubutu a tsakanin kalmomi ko musanya haruffa da na wani harshe, manhajar tana nuna wa malami su a matsayin abin tuhuma, kuma hukuncinsu ya fi na babban adadi nauyi.

Wanda ya riga ya wallafa maƙala daga kundinsa ya sanar da sashe tun kafin gwaji, ya kuma ambaci maƙalar a cikin kundin, domin ita ma za ta fito a rahoton.

Idan an riga an adana kwafi

Bayan kowace ɗorawa manhajar tana ba da rasit, `Digital Receipt`, mai ɗauke da suna, kwanan wata da lambar `Submission ID`. A sauke shi a ajiye tare da cikakken rahoton. Da wannan lamba ake tabbatar da cewa tsohon kwafin na ɗalibin ne, da ita kuma ake neman a goge shi.

Hanya mafi sauri ita ce mai gwajin ya cire tushen daga lissafi ta `Exclude Sources`. Adadin zai sake fitowa, kuma kamancen gaske da tsohon kwafin ya rufe zai bayyana. A misalin ɗalibar can, abin da ya rage na kashi 14 ɗin farko zai dawo, yanzu a kan kalmomi 30,000, tare da duk abin da sababbin babi biyu suka ƙara. Cire tushe bai goge kwafin daga rumbu ba, rahoton nan kawai ya gyara.

Gogewa ta dindindin doguwar hanya ce. Cire fayil daga akwatin malami ba ya fitar da shi daga rumbu, kuma malamai da dama suna zaton yana fitarwa. Malamin da gurbin yake hannunsa ne zai aika buƙatar gogewa ga mai kula da asusun makarantar da aka ɗora fayil ɗin a cikinta, shi kuma ya amince. Ɗalibi ba ya iya yin wannan da kansa. Idan kwafin yana asusun jami'arsa, abin yakan yiwu. Idan yana asusun wata makaranta da bai san kowa ba a cikinta, kuma ba shi da rasit, abin da ya rage masa shi ne ya tara tsofaffin daftarinsa masu kwanan wata, da saƙonnin da ya yi musaya da mai duba aikinsa, da takardar amincewa da taken bincikensa, ya kai wa makarantar karatun gaba da digiri na farko kafin ranar kare kundi, ya nemi a rubuce a cire tushen daga lissafi.