Kuskure a takardar ƙara: wanne ake gyarawa, wanne ke kashe shari'a?

Takardar da'awa da lauya ke shigarwa a babbar kotun jiha ko ta tarayya a Najeriya tana da kai, da ciki, da roƙo. A kai ake rubuta sunan kotu da reshenta, da lambar ƙara, da sunayen mai ƙara da wanda ake ƙara. A ciki ake zayyana abin da ya faru sakin layi bayan sakin layi. A ƙarshe sai roƙo, wato abin da ake so alƙali ya bayar. Ƙa'idojin kotuna sun ba alƙali ikon yarda a gyara kuskure a duk waɗannan wurare, kuma tambayar da yake yi guda ce: gyaran zai bar rigimar yadda take, ko zai kawo sabuwa?

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Kano yana bin wani kamfani kuɗin buhunan shinkafa naira 4,500,000. Lauyansa ya shigar da ƙara, sai daga baya ya lura da abubuwa uku. A kan takardar an bar sunan wani reshen kotu daban, saboda an kwafo tsarin daga tsohon fayil. An rubuta Ltd a ƙarshen sunan kamfanin alhali rajistarsa Plc ce. A wurin roƙo kuma sifili ɗaya ya faɗi, aka rubuta 450,000, bayan sakin layin cikin takardar da rasitan duk sun nuna 4,500,000.

Dukansu ukun na siffa ne. An shigar da ƙarar a kotun da ta dace, kamfanin ya karɓi sammaci ya san da shi ake, adadin gaskiya kuma yana cikin takardar tun farko. Amma na ukun ba abin sakaci ba ne, domin kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba, ko fiye da abin da ya roƙa. In aka bar shi har ranar hukunci, ɗan kasuwar zai iya cin shari'a ya tashi da kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa.

Lauya ba ya ɗaukar biro ya gyara a fayil ɗin kotu. Takardar neman izini yake shigarwa, ya sanar da ɗaya ɓangaren, ya haɗa da takardar rantsuwa mai bayanin yadda kuskuren ya auku da kwafin takardar da aka gyara, galibi a ja layi ƙarƙashin wuraren da aka sauya. Ƙaramin tuntuɓen alƙalami, alƙalai da dama kan yarda a roƙa da baki in abokin shari'a bai ja ba. In an ba da izini, sai a shigar da sabuwar takardar cikin wa'adin da aka ƙayyade, a rubuta a kanta ranar gyara da umarnin da aka dogara da shi. Wanda ya bar wa'adin ya wuce, a wasu kotunan izinin ya faɗi, a wasu kuma sai ya biya kuɗin jinkiri. Sau da yawa mai gyaran ne ke biyan kuɗin ɓata lokaci. Ribar kuwa ita ce doka na ɗaukar takardar da aka gyara tamkar tun ranar farko haka aka shigar da ita.

Wannan ribar ce ta sa alƙalai ke sa ido. Da lauyan zai ce a cire sunan kamfanin a sa na wani kamfani dabam, wannan sauya wanda ake ƙara ne, ba gyaran kuskure ba. Haka in ya cusa da'awar ɓata suna cikin roƙo da sunan gyaran kalmomi, musamman in wa'adin shigar da irin wannan ƙara ya riga ya wuce.

Akwai kuma kuskuren da ido ke gani ƙarami amma ba ya gyaruwa. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba sunan lauya mai rajista ba, ba ta da inganci, bisa sashe na 2(1) da na 24 na Dokar Lauyoyi. An nemi kotun ta janye wannan matsayi a shari'ar bankin First Bank da Maiwada, ta ƙi. A ganina hukuncin ya yi tsauri ga mai ƙarar da bai san hawa ba bai san sauka ba, amma shi ne doka. In takardar da ta buɗe ƙarar ce ke da wannan aibi, ba a gyara ta, sai dai a kori ƙarar a sake shigarwa, in wa'adi bai ƙare ba.