Rubutun sanarwar gurbin aiki

Rubutun sanarwar gurbin aiki shi ne gajeren bayanin da kamfani, asibiti ko makaranta ke sakawa a ƙarƙashin hoton talla a WhatsApp, Facebook ko LinkedIn idan ana neman ma'aikaci. Babban aikinsa tacewa ne: wanda ya cancanta ya gane da shi ake, wanda bai cancanta ba ya haƙura tun kafin ya turo takarda.

Layin farko ya fi kowanne nauyi, domin a waya sau da yawa farkon rubutun kaɗai ke bayyana kafin mutum ya taɓa ya buɗe sauran. Don haka sunan aikin da wurinsa suke zuwa a gaba. A ce wani asibiti mai zaman kansa a Kubwa, Abuja, yana neman nas. Idan ya rubuta "Ana neman ma'aikata, a tuntuɓe mu", direba da akawu da ɗalibi duk za su kira. Idan kuwa ya ce "Ana neman nas biyu a Kubwa, masu lasisin Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya wanda bai ƙare ba, da shekara biyu a bakin aiki, akwai kwanan asibiti", ya rage wa kansa wahala sosai. Maganar kwanan asibiti kaɗai za ta sa wadda ba za ta iya aikin dare ba ta janye da kanta.

Albashi ne masu ɗaukar aiki suka fi ɓoyewa, kuma a Abuja wannan kuskure ne. Da yawa daga cikin masu neman irin wannan aiki suna zaune ne a wajen gari kamar Mararaba, Nyanya ko Suleja, kuma kafin komai sai sun lissafa kuɗin mota. Ƙwararriyar nas ba za ta taso daga Mararaba zuwa Kubwa domin intabiyu ba alhali ba ta san abin da za a biya ta ba. Ko da mafi ƙanƙanta da mafi yawa aka faɗa, ya wadatar.

Hanyar neman aikin ya kamata ta zama ɗaya tak. Sanarwar da ta ba da imel da lambar waya, ta kuma ce a iya kawowa hannu da hannu, takan ƙare da ɓatan takardu. A asibitin Kubwa, sai a ce a haɗa takardar neman aiki, takardar tarihin karatu da aiki wato CV, da kwafin lasisi a fayil guda na PDF, a tura ta imel ɗin asibitin, a rubuta "Nas Kubwa" a kan saƙon domin a iya ware shi. Wa'adi kuma a faɗi rana da wata da ƙarfe nawa. "Cikin mako biyu" ba ya aiki, saboda sanarwa kan yi wata tana yawo a zaurukan WhatsApp.

Ana kuma ƙara layi mai cewa ba a karɓar ko sisi. 'Yan damfara kan kwafi sanarwa ta gaskiya, su canza lambar waya, su nemi kuɗin fom, shi ya sa ake rubuta sunan asibitin da imel ɗinsa a jikin hoton ma.