Bantolin yana buɗe ƙirji, to me ya sa ba ya isa shi kaɗai?

Tambaya: Malam, mai asma ya shaƙi bantolin, cikin minti biyar numfashinsa ya dawo. Me ya faru a cikin ƙirjin nasa, kuma me ya sa kuke cewa sai an haɗa masa da wani maganin?

Bututun iska na huhu suna da tsoka da ta naɗe su kamar zobe, irin tsokar nan da ba ta bin umarnin mutum. Idan kalsiyom ya yi yawa a cikin ƙwayar tsokar, sai ya tayar da anzim ɗin da ake rubutawa MLCK, zoben ya tsuke, hanya ta ƙuntata. Kukan da kake ji a ƙirjin mai asma iska ce ke kutsawa ta wannan matsatsin.

Salbutamol, wanda kowa a Damagaram yake kira bantolin, yana zuwa ya zauna kan makarɓin β2, wato wurin karɓar saƙo da ke jikin ƙwayar tsokar. Makarɓin yana haɗe da furotin Gs, shi kuma yana kunna anzim ɗin da ke mayar da ATP ya zama cAMP. Da ɗan saƙon nan cAMP ya taru sai ya tayar da wani anzim ɗin, PKA, wanda ke rage kalsiyom a cikin ƙwayar, ya kuma kashe kaifin MLCK. Zobe ya saki ke nan. Duk wannan sauya furotin ɗin da suke nan a ajiye ne, ba a ƙera wani sabon abu ba, shi ya sa aikin yake da sauri. Fesa ɗaya mikrogiram 100 ce, kuma tasirinta yakan kai awa 4 zuwa 6.

Amma tsukewar tsoka rabin ciwon ce. Bangon bututun kansa a kumbure yake, cike da ƙwayoyin garkuwar jiki, musamman iyozinofil, ga majina mai kauri ta liƙe ciki. Salbutamol bai san da wannan ba.

A hunturun bara wani ɗan kabu-kabu ya zo mini, mai ɗaukar fasinja tsakanin Birni da kasuwar Dole, hazo ya yi masa fari fat har gira. Ya ciro gwangwanin daga aljihun jaket, ya girgiza shi a kunnensa don ya ji ko da saura. Ya ce sati uku ke nan da sayensa. Gwangwani ɗaya fesa 200 ne, ka raba da kwana 21, kusan fesa 10 ke nan a kowace rana. Na ba shi na'urar auna ƙarfin hurawa, ya hura 280. Bayan fesa huɗu da jiran minti 15 ya hura 400. Ya yi murna, ni kuwa ban yi ba. Lissafin ya nuna tsokar tana amsa magani, amma yawan shaƙar ya nuna wuta na ci a ƙasa, shi kuma hayaƙin kawai yake fifitawa. Ko gwangwani uku a shekara an san yana tafiya da ƙarin haɗarin tashin ciwo mai tsanani, balle ɗaya a sati uku.

Tambaya: To shi maganin kumburin da ake haɗawa, kortikoyid ɗin shaƙa, ina yake aiki? Marasa lafiya suna cewa ba sa jin komai idan sun shaƙe shi.

Gaskiyarsu, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake samunsa a jefe cikin kwaba bayan kwana huɗu. Budesonid ko bekilometazon ba ya tsayawa a bakin ƙofa kamar salbutamol. Yana narkewa cikin kitse, don haka yana ratsa fatar ƙwaya ya sami makarɓinsa a ciki, su biyun su wuce cibiyar ƙwayar inda bayanan gado suke. A can ne yake danne NF-κB, wanda ke ba da umarnin ƙera saƙonnin kumburi, yana kuma jawo anzim HDAC2 ya sake ƙulle wuraren da aka buɗe don karanta umarnin. Sai saƙonnin kumburin, irin su IL-4 da IL-5 da IL-13, su ragu. IL-5 shi ne mai raya iyozinofil, idan babu shi sai su yi ta mutuwa. Ruwan da ke tsiyaya daga jijiyoyin jini zuwa bangon bututu ya ragu, majina ma haka.

Aikin da ya bi ta cibiyar ƙwaya ba ya ƙarewa a minti biyar. Sauƙi yakan fara bayyana cikin ƴan kwanaki, cikar amfanin kuwa sai an yi makonni ana shaƙa kullum. Idan ba ka faɗa wa mutum haka tun a kan kanta ba, kada ka ga laifinsa in ya daina. Mai shan taba kuma maganin ba ya kama shi sosai, domin hayaƙin yana raunana HDAC2.

Akwai wata alaƙa da ɗalibai suke yawan tsallakewa. Makarɓin β2 idan ana ta bugunsa dare da rana, ƙwaya takan yi masa alama, furotin arestin ya kama shi, a janye shi ciki. Ƙofofin da salbutamol zai ƙwanƙwasa sun ragu ke nan. Kortikoyid yana sa a ƙera sababbin makarɓan, wato yana gyara wa abokin aikinsa hanya. Ɗan kabu-kabun nan da aka ɗora shi kan budesonid safe da dare, bayan wata guda ya dawo da gwangwanin bantolin ɗin da nauyinsa, ya ce tari ya daina tashinsa kafin asuba.

Kan haka ne ƙa'idojin 2019 na GINA, ƙungiyar duniya mai tsara yadda ake kula da asma, suka daina ba da shawarar a bar babba ko matashi da salbutamol shi kaɗai. An fi son haɗin budesonid da formoterol a abin shaƙa guda: formoterol yana buɗewa cikin mintuna kamar salbutamol, yana kai awa 12, kuma duk lokacin da mutum ya nemi sauƙi ya shaƙi maganin kumburi tare. Salmeterol ma mai dogon zango ne, amma yana jinkirin farawa, ba ya ceto. Ko wanne cikinsu ba a ba mai asma shi ba tare da kortikoyid ba.

Tambaya: Me ke kawo rawar hannu da bugun zuciya?

Makarɓin β2 ba a huhu kaɗai yake ba. Na tsokar gaɓoɓi shi ke sa hannu rawa. Na zuciya da na jijiyoyin jini su ke ƙara bugu. Idan aka maimaita magani da yawa a ɗakin gaggawa, fotasiyom yakan gudu cikin ƙwayoyi ya ragu a jini, sai a auna shi.

Tambaya: Wata baiwar Allah ta dawo muryarta a dishe, bakinta da farare-farare. Mu tsayar da maganin?

A'a, ƴata, duba yadda take shaƙa tukuna. Da gwangwanin fesawa, abin da ke isa huhu bai cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba, sauran a baki da maƙogwaro yake sauka. Kortikoyid ɗin da ya kwanta can yana kwantar da garkuwar wurin, naman gwarin da ake kira kandida ya sami fili. A yi maganin kandidar, ta riƙa kurkure baki da ruwa tana tofarwa bayan kowace shaƙa, kuma ta yi amfani da gorar shaƙa. In babu ta kamfani, gorar roba ta rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin gwangwanin tana yin aikin. Ta girgiza, ta fesa sau ɗaya cikin gorar, ta ja numfashi a hankali, ta riƙe kamar daƙiƙa 10, sannan ta sake girgizawa kafin fesa ta biyu. Ki miƙa mata gwangwanin ta yi a gabanki, kada ki tsaya ga tambayar ko ta iya.